Baƙa, Fara ko Silba? Yadda Ake Zaɓen Launin Mota a Ƙasar Rana da Ƙura

Cikin watan Afrilu, lokacin da kwalta ke narkewa a Kano, ƙanina ya kira ni in raka shi wurin dillalan mota. Ya shekara huɗu yana tara kuɗi, ya kuma riga ya tsayar da magana a kan Corolla 'yar Beljiyam. Mun tarar da guda uku a jere, duk ƙirar shekara ɗaya, injin kowacce lafiya lau: baƙa wuluk da aka goge har kana ganin fuskarka a ƙofarta, fara sol, sai silba wadda ba ta ja hankalin kowa ba. Tun kafin mu ƙarasa na ga inda idonsa ya tafi. "Yaya, wannan baƙar fa ta yi," in ji shi. Na ce ta yi a nan, inda yaro ke tsaye da tsumma yana bin ta duk bayan awa guda. Bari mu ga ko za ta yi a ƙofar gidanka.

Matakan da muka bi ranar su ne zan shimfiɗa a nan.

Mataki na farko: fara da inda motar za ta yini, da hanyar da za ta bi

Kafin ka kalli launi ko ɗaya, amsa tambaya uku. Ina motar za ta tsaya daga sha ɗaya na safe zuwa la'asar? Hanyar gidanka kwalta ce ko burji, in kuma ƙasa ce, ja ce ko farar rairayi? Shekara nawa kake nufin riƙe ta kafin ka sayar?

Ƙanina malamin makaranta ne. Motarsa za ta yini a filin makaranta, babu rumfa, darbejiya biyun da ke wurin kuma manyan malamai sun riga sun mallake inuwarsu. Daga bakin titi zuwa gidansa akwai jar hanya kusan kilomita ɗaya. Niyyarsa ya hau motar shekara uku zuwa huɗu ya canza. Mutumin da ke fita daga garejin gidansa ya shiga rumfar ofis, duk a kan kwalta, yana iya sayen launin da ransa ke so, kusan rabin abin da zan faɗa bai shafe shi ba.

Mataki na biyu: san iyakar abin da launi ke yi wa zafi

A nan mutane suka kasu biyu, kuma duka sun wuce gona da iri. Wasu na cewa baƙar mota tanda ce, wasu na cewa duk zance ne tunda akwai esi. An auna abin. A wani nazari da aka wallafa a 2011, masu bincike na cibiyar Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya sun ajiye Honda Civic biyu iri ɗaya a rana, ɗaya baƙa ɗaya silba. Fentin silbar yana mayar da kusan kashi 58 cikin ɗari na hasken rana, baƙin kuwa kashi 5 kacal, sauran duk ya shanye. Rufin baƙar ya fi na silbar zafi da har digiri 25 a ma'aunin Salshiyos. Amma iskar cikin motar, wadda ita ce ke dukan fuskarka idan ka buɗe ƙofa, bambancinta digiri 5 zuwa 6 ne kawai.

Me ya sa ratar ta ragu haka? Saboda akwai silin tsakanin ƙarfen rufi da kanka, yana tare wani ɓangare na zafin, sannan babban kaso na zafin cikin mota ta gilashi yake shiga. Rana ta ratsa gilashin gaba ta sauka a kan dashbod, wanda kusan a kowace mota baƙi ne ko mai duhu, ya sha ya ƙoshi, ya riƙa amayar da zafin a cikin ɗakin da ke rufe ruf. Farar mota mai baƙaƙen kujerun fata tana iya ƙona maka cinya fiye da baƙar mota mai kujerun yadi ruwan madara.

Kada ka raina digiri biyar ɗin. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, shi ne bambancin esi da ke kama jiki kafin ka kai shataletale na farko da wanda sai ka kusa isa gida. Idan kuma motar tsohuwa ce, esinta ya fara gajiya, ko kai mai kashe shi ne don tattalin mai, nan ne launin ke nuna kansa sosai. Ta fuskar shan mai dai ribar ba ta taka kara ta karya ba, binciken nan ya ƙiyasta ta a kusan kashi biyu cikin ɗari, saboda haka kada dillali ya sayar maka da farar mota da sunan ba ta shan mai.

Ga gwajin da za ka yi da kanka. Je wurin motocin tsakanin azahar da la'asar, ba da safe ba. Ɗora bayan hannunka a kan rufin kowacce. Ranar da muka je, a kan fara ƙanina ya bar hannunsa har na gama magana, a kan silba ma kusan haka, a kan baƙar kuwa ya fizge shi yana yarfewa. Daga nan ka shiga ciki, ka rufe ƙofa, ka taɓa sitiyari da kujera, ka kunna esi ka duba agogo. Launukan da ke yaudarar mutane su ne ruwan toka mai duhu, shuɗi mai duhu da jan nan mai kama da makuba. Ido na ganin su a matsayin tsaka-tsaki, hannu kuwa zai gaya maka 'yan ɗakin baƙi ne.

Abin tare rana da ake shimfiɗawa a gilashin gaba, wanda kuɗinsa bai kai na rabin tankin mai ba, yana rage zafin dashbod da sitiyari ƙwarai, kowane launi ka saya. Baƙin gilashi kuwa a Najeriya sai da izinin 'yan sanda. Kuma babu launin da ke sa a iya barin yaro a rufe cikin mota ko da minti kaɗan ne. Farar ma kisa take yi.

Mataki na uku: daidaita launin da ƙurar unguwarku

Wannan shi ne abin da za ka riƙa gani kullum safiya, shi ya sa na fi ba shi nauyi a kan zafi. Dokar mai sauƙi ce: datti yana fitowa ne gwargwadon nisan launinsa da na fenti. Mu kuma datti iri biyu gare mu, kowanne da lokacinsa.

Na farko ƙurar hunturu, daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Maris. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi kamar gari. Launinta fari-fari ne mai ratsin toka. A kan baƙar mota, ka wanke da magariba, da asuba ka tarar yara sun rubuta sunayensu da yatsa a kan but. A kan silba da ruwan gwal mara duhu ƙurar tana nan, amma sai ka matso za ka gan ta, motar dai ta ɗan rage sheƙi. Fara ma tana ɓoye ta daidai gwargwado.

Na biyu jar ƙasa, wadda da rani take tashi ta bi motar, da damina kuma ta zama taɓo. Nan farar mota ke shan kashi. Taɓon yana fantsama a bayan tayu da ƙasan ƙofofi, idan aka bar shi ya kwana biyu yana rina fentin, musamman farin da ba shi da ruwan sheƙi a samansa. Duk wanda ya lura da fararen Hilux da ke shiga ƙauyuka ya san yadda gindinsu ke komawa ruwan goro, wanki ba ya fitar da shi sai an goge da inji. Launin da ya fi kowanne haƙuri da jar ƙasa shi ne ruwan ƙasa ko ruwan gwal ɗin nan na tsofaffin Camry, wanda matasa ke wa kallon launin dattawa. Silba na biye masa.

Wahalar baƙar mota ba a ganin ƙura ta tsaya ba, tana cikin abin da ganin ke sa ka yi. Ka fito da safe kana sauri, ka ga ta yi furu-furu, ka ɗauko tsumma ka share a bushe. Ƙurar nan tana da yashi a ciki, tsumman sai ya zama sanfefa. Kowace shara tana barin siraran zane a kan ruwan sheƙin, bayan wata shida idan rana ta haska motar sai ka ga da'irori kamar saƙar gizo-gizo sun lulluɓe bonet. Silba ma tana samun wannan zanen, amma ba ya fitowa, saboda zanen fari-fari ne, ya saje. Haka ɗigon ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri: idan ya bushe a rana yana barin tabo fari, a kan baƙi kamar an yayyafa toka.

Mun yi lissafi a tsaye a wurin. A ce wanki ɗaya naira 1,500 ne. Silba za ta fita kunya da wanki ɗaya a mako, baƙa a irin hanyar gidansa sai biyu, shi ma an yi mata rangwame. Ƙarin wanki 52 a shekara ya kama naira 78,000, a shekara huɗu 312,000, ban da kuɗin gogewa da inji don cire zane. Sa farashin unguwarku a madadin nawa. Idan kai ke wankewa da hannunka, to sa kuɗin jarkokin mai ruwa da safiyar Asabar ɗinka.

Mataki na huɗu: duba yadda launin ke tsufa, da yadda yake karɓar gyara

A garuruwanmu, tsakanin 'yan adaidaita sahu da masu babur, da wuya mota ta shekara ba a goge mata fenda ba. Saboda haka tambayi kanka: ranar da za a fesa ƙofa ɗaya, za ta saje da sauran jikin?

Fari zalla da baƙi zalla su ne suka fi sauƙin haɗawa. Silba, duk da yabon da na yi mata, nan ne rauninta. Akwai ƙananan ɓarɓashin alminiyam a cikin fentin, yadda suka kwanta ya danganta da ƙarfin iskar bindigar fesawa da hannun mai fesawar, sai ka ga ƙofar da aka gyara ta fi 'yar'uwarta haske ko duhu idan ka kalle ta ta gefe. Ƙwararren mai fenti yakan bi da launin a hankali ya shiga ƙofar da ke kusa don ido ya kasa kama iyakar. Mafi wuya duka shi ne farin nan mai ƙyalli kamar lu'ulu'u, don hawa uku ake yi masa, kuɗinsa ya fi yawa, masu iya shi kuma ba su da yawa.

Za ka san ainihin launin daga takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. A motocin Toyota nemi `C/TR`, lambobi ukun farko bayansa su ne na fenti: `040` fari zalla, `070` fari mai ƙyalli, `1F7` silba, `202` baƙi. Idan lambar ta ce baƙi motar kuma fara ce a gabanka, an canza mata launi, ko me dillali zai ce. Ga wanda ke neman farar Toyota akwai ƙarin dubawa: kamfanin da kansa ya amince a Amurka cewa fentin `040` da `070` yana ɓarewa a wasu motocinsa ƙirar 2008 zuwa sama, har da Corolla da Camry. Duba gefen rufi, kewayen gilashin gaba da bakin but, ko akwai inda fentin ya ɗaga kamar ɓawon ƙwai.

Ja da shuɗi mai duhu sun fi saurin nuna koɗewa. Alamar farko a rufi da bonet take: wani fari-fari kamar ƙyasfi, daga nan ruwan sheƙin ya fara saɓulewa. In ya kai nan gogewa ba ta magani, sai sabon fenti.

Mataki na biyar: yi tunanin wanda zai saya daga hannunka

Ranar sayarwa, launi abu biyu yake taɓawa: yawan masu taya motar, da tsawon zaman da za ta yi kafin a sallama. Fari, baƙi, silba da ruwan toka su ne suka mamaye kasuwar duniya, fari kuma ya fi shekara goma yana kan gaba. A wurinmu ma waɗannan huɗun ba sa kwantai, don babu wanda zai fasa ciniki saboda su. Mota ja, kore ko ruwan lemo sai ta jira mai sonta, dillali kuma ya san kana jira, da wannan zai karya maka farashi.

Za ka iya cin karo da rahotannin Amurka da ke cewa mota ruwan ɗorawa ta fi kowacce riƙe daraja. Can haka ne, don galibi ƙananan motocin tsere ake yi wa launin, kuma ba su da yawa. Kawo ta Kano, inda launin na adaidaita sahu ne, ko Legas inda na motocin danfo ne, ka ga mai taya ta. Kore a Abuja kuma tasi yake tuna wa mutane. Koren sojoji kuwa doka ce ma ta hana farar hula fenta mota da shi a Najeriya.

Ajin motar ma yana da ta cewa. A manyan jif da Marsandi, baƙi yana da masu nema, don mai sayen irinsu kwarjini yake saye, yana da rumfa da direban da ke wanke ta kullum. A Hilux da bas ɗin Hiace fari ne ke tafiya, kamfanoni da 'yan haya shi suke so. A ƙananan motocin iyali kamar Corolla, Civic da Vibe, mai saye talaka ne ɗan'uwanka, lafiya da tsafta yake dubawa, silba ko ruwan toka mai haske kuma ita ce ke kai shekara huɗu ba ta nuna wahalar da ta sha ba.

Sai babbar magana, wadda ta rinjayi duk abin da na faɗa a baya: fes bodi. Fentin kamfani, ko launinsa bai burge ka ba, ya fi sabon fenti mai kyan launi daraja a kasuwarmu. Dalili kuwa, mai saye idan ya ga an fesa mota gaba ɗaya, abin da ke zuwa ransa shi ne haɗari aka ɓoye, ka rantse ka maya ba zai yarda ba. Saboda haka sayen baƙar mota da niyyar mayar da ita fara hasara ce hawa uku. Ka biya kuɗin fenti, ka zubar da fes bodi, sannan dole ka je ofishin lasisi a gyara launin da ke rubuce a takardun motar, in ba haka ba kowane shingen bincike sai ka yi dogon bayani.

Ga yadda ake gane wadda aka fesa. Ja motar zuwa rana, kada ka duba a rumfa ko da magariba, kada kuma a duba ta a jiƙe, ruwa yana rufa wa fenti asiri. Ɗaga robar da ke bakin ƙofa da ta gilashi ka ga ko akwai layin da fenti ya tsaya ko ya hau kan roba. Buɗe bonet da murfin tankin mai ka gwada launin ciki da na waje. Naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ka bi jikin ƙofofi da fenda: inda ya ƙi kamawa sosai, akwai fila a ƙasa, wato abin da masu gyara ke cike inda ya lotse da shi. Bamba roba ce, ba ta shiga wannan gwajin, kuma ɗan bambancin launinta da jiki ba laifi ba ne. Wasu makanikai suna da 'yar na'urar auna kaurin fenti. Na kamfani yakan faɗa tsakanin maikron 100 zuwa 180, in ka ga ƙofa ɗaya ta ninka sauran, an taɓa ta.

Yadda cinikin ya kaya

Baƙar ita ta fara fita, saboda filin makaranta da jar hanya. Ƙanina bai so ba, ya sake zagaya ta sau biyu kafin ya haƙura. Saura fara da silba. Ta fuskar zafi kusan kunnen doki suka yi, ta fuskar jar ƙasa silba ta ɗara. Ni dai zuciyata ta riga ta karkata gare ta.

Sai da muka sa aka fito da ita rana. Takardar ƙofa ta nuna `1F7`, daidai da abin da ido ke gani, amma da na tsuguna ta gefen fitilar baya na kalli jikin a kwance, ƙofar baya ta dama ta fi ta gaba duhu. Maganaɗisu ya zame a kan fendar da ke bayanta, faɗin tafin hannu biyu. Na ce wa dillalin, "Alhaji, wannan ai ta sha fila." Ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan gogewa ne a cikin jirgi." Wataƙila gaskiyarsa ne, amma wanda ƙanina zai sayar wa nan da shekara huɗu shi ma da maganaɗisunsa zai zo.

Farar `040` ce, maganaɗisu ya kama ko'ina, gefen rufi da bakin but babu inda ya ɗaga, kujerunta yadi ne ruwan toka mai haske. Ita muka taya. Daga wurin muka biya ta kasuwar kayan mota ya sayi robobin tare taɓo na bayan tayu huɗu da abin tare rana na gilashin gaba, na kuma ja masa kunne cewa da damina duk ranar da ya ratsa jar hanyar nan, ya watsa wa ƙasan ƙofofin bokitin ruwa kafin taɓon ya bushe.